Yadda ake gina labarin yaro da karen da ba shi da uban gida

Marubucin da zai ba yaran Hausa labarin karen bola da ya samu gida yana da matsala tun daga farko. A gidaje da yawa kare ba ya shiga ɗaki. Na gadi ne ko na farauta. Idan marubucin ya kwantar da shi a gadon yaro, iyaye za su ajiye littafin.

Gara labarin ya bi rayuwar unguwa. Yaro ya ga ramammen kare a bayan mahauta, yara na jifansa. Ya ajiye masa ƙanzon tuwo a kasko, ya ja da baya. Nan ya kamata a daɗe, domin karen da ya sha dutse ba ya yarda da mutum rana ɗaya. Sai ya yi kwanaki yana ci yana waige kafin ya biyo yaron har zaure.

Sannan a ji Baba: "Ba zai shigar mini gida ba." Wataƙila haushin karen ya kori ɓarawon awaki, Baba ya sauko, a kafa masa rumfa a ƙofar gida, likitan dabbobi ya yi masa allurar rigakafin ciwon haukan kare. Wannan allura kada a tsallake ta, tunda yara na kwaikwayon abin da suka karanta.