Amsar da matuƙin jirgi ke bayarwa kafin ya tashi

Rediyon da matuƙan jirgin sama ke magana da hasumiyar filin jirgi ba kamar wayar salula yake ba. Tasha ɗaya ce kowa ke saurare, kuma mutum ɗaya ne zai yi magana a lokaci guda. In biyu suka danna maɓalli tare, sai ƙara ta haɗiye maganar duka. Shi ya sa idan jami'in hasumiya ya gama bayanin shiri, abin da yake jira daga matuƙi gajere ne: sunan kiran jirgi, da cewa ya shirya. Duk daƙiƙar da matuƙi ya ɓata yana maimaita zance, ya toshe hanyar da gargaɗi zai biyo.

Ranar 27 ga Maris, 1977, hazo ya rufe filin jirgi na Los Rodeos a tsibirin Tenerife na ƙasar Sifaniya. Jirgin KLM na tsaye a bakin titin tashi, jirgin Pan Am kuma na tafe a kan titin, ba su ganin juna. Hasumiya ta karanta wa KLM hanyar da zai bi bayan ya tashi. Wannan bayanin hanya ne kawai, ba izinin tashi ba. Mataimakin matuƙi ya shiga maimaita bayanin, shi kuwa kyaftin ya riga ya saki birki. A wutsiyar maimaicin sai mataimakin ya liƙa 'yar jimla mai harshen damo, wadda za a iya ɗauka "muna wurin tashi" ko "muna tashi". Jami'in ya ɗauki ta farko, ya amsa, ya ce su dakata zai kira su. A daidai lokacin Pan Am ya yi magana cewa yana kan titi har yanzu. Muryoyin suka haɗu, KLM bai ji "dakata" sosai ba. Mutum 583 suka rasu.

Maimaici na nuna kunne ya ji, amma ba ya faɗin halin da ake ciki. Mai saurare kuma, da ya ji maganarsa ce ke dawowa, sai hankalinsa ya kwanta, sabon abin da aka cusa a ƙarshe ya wuce shi. A ganina, a nan haɗarin yake.

Ba a daina maimaici ba. Dole matuƙi ya mayar da lambar titi, da tsayin da aka ba shi, da alƙiblar da zai fuskanta, domin kuskuren lamba ɗaya na iya kisa. Amma bayan hatsarin an keɓe kalmar tashi ga ba da izini ko soke shi. Kafin izini, matuƙi cewa yake ya shirya barin fili, sai ya saki maɓalli ya jira hasumiya.