Me Ya Sa Gwamnati Ba Za Ta Buga Kuɗi Ta Bar Mu Da Haraji Ba?

Wannan tambaya ce da ɗaliban shekarar farko masu karatun tattalin arziki ba sa rasa yi. Tunda injin buga kuɗi yana hannun hukuma, me ya kai ta bin talaka da takardar haraji? Amsar ita ce kuɗi ba shi ne dukiya ba. Takardar shaida ce da ake karɓar dukiya da ita, dukiyar kuwa ita ce hatsi da siminti da magani da aikin hannun mutane.

Mu ɗauki wani gari da ke da buhun masara 100 a kasuwa, mutanensa kuma suna riƙe da naira miliyan ɗaya da za su kashe duka a kan masarar. Kowane buhu zai tsaya a naira 10,000. Sai gwamnati ta buƙaci buhu 20 don ciyar da ɗaliban makarantar kwana. Idan ta karɓi harajin naira 200,000, za ta sayi buhunanta, jama'a su sayi 80 da ragowar kuɗinsu, farashi bai motsa ba.

To, a ce ta buga sababbin naira 250,000 maimakon haka. Kuɗin da ke neman masara sun zama miliyan ɗaya da dubu 250, buhuna kuwa suna nan 100. Buhu zai koma naira 12,500. Gwamnati ta kwashi 20, miliyan ɗayan jama'a kuma 80 kawai za ta saya. Ashe buhu 20 ɗin nan sun fita daga hannun mutane ko ta wace hanya.

Bambancin yana ga wanda ya ɗauki nauyin. Haraji majalisa ke yanka shi, ana iya ɗora wa mai hali da yawa, a sassauta wa marar ƙarfi. Hauhawar farashi ba ta tambayar kowa. Mai gida da gona da shanu kadararsa tana tashi tare da kasuwa. Wanda ke shan wuya shi ne ɗan fansho, da malamin firamare, da matar da ke zubin adashi, wadda kafin kwasarta ta zo kuɗin sun zube.

Zimbabwe ta gwada wannan hanya. Bayan noma ya durƙushe daga shekarar 2000, gwamnati ta riƙa cike giɓin kasafinta da bugu. A watan Yulin 2008 alƙaluman hukuma sun nuna hauhawar farashi ta kai kashi miliyan 231 cikin ɗari. A Janairun 2009 aka fitar da takardar dala tiriliyan 100, kuma a shekarar ce ƙasar ta jingine kuɗinta, aka koma ciniki da dalar Amurka da rand na Afirka ta Kudu.

Babban banki yana iya ƙara kuɗi daidai da yadda noma da sana'o'i ke bunƙasa, ba tare da ɓarna ba. Abin da ya wuce haka haraji ne a ɓoye. Saboda haka gara harajin da aka rubuta a doka, wanda ɗan ƙasa zai riƙe rasit ya tambayi inda aka kai kuɗinsa.