Shaida ake nema a rubutun ta'aziyya

Kwana biyar bayan rasuwar wani tsohon malamin lissafi da suke koyarwa tare, ɗan yayata ya zo mini da takardu uku cike da rubutu. Malaman makarantar ne suka ɗora masa nauyin rubuta ta'aziyyar da za a karanta wa ɗalibai, a kuma miƙa wa iyalan marigayin. Ya ce, "Kawu, ka duba mini, na sa duk abin da ke raina, amma in na karanta sai in ji kamar ba shi ba ne." Na karɓa na karanta. Gaskiyarsa ne, Malam ba ya cikin takardun nan ko kaɗan.

Ga yadda ya buɗe: "Babban bango ya faɗi. Giwa ta faɗi. Mun yi rashin da ba za a taɓa cike gurbinsa ba har abada. Malam mutum ne mai haƙuri, mai kirki, mai zumunci, mai riƙon amana, wanda bai taɓa saɓa wa kowa ba." Na ce masa ya ɗauke sunan Malam ya sa na duk wani mamaci da ya sani, ya ga ko akwai jimlar da za ta ƙi zama. Ya gwada da sunan wani ɗan kasuwar unguwarsu, komai ya zauna daram. Wannan gwajin nake fara yi wa kowace ta'aziyya. Jimlar da za ta dace da kowa ba ta faɗi komai game da wannan mutumin ba.

Bahaushe in ya dawo daga jana'iza yakan ce wane ya samu kyakkyawar shaida. Maganar tana da tushe a hadisi, inda Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya nuna wa sahabbai cewa abin da mutane suka faɗa a kan gawar da aka wuce da ita shaida ce da ake lissafawa. Shi kuwa mai ba da shaida abin da idonsa ya gani yake faɗa. Kirari aikin maroƙi ne, yana da muhallinsa, amma ba wanda ke tambayar maroƙi hujja. Mai rubuta ta'aziyya yana tsaye ne a wurin mai shaida, don haka kowace siffa da ya rataya wa mamaci sai ya iya kawo ranar da ya ga hakan.

Sai na ajiye takardun na ce ya ba ni labarin Malam da baki. Nan take mutumin ya fito. Ashe in yaro ya kuskure lissafi, Malam ba ya jan jar alama ya wuce, sai ya warware masa aikin gaba ɗaya a gefen littafi da jan biro, layi bayan layi, shi ya sa yakan kai la'asar a ofis yana duba littattafai. Guntayen allin da wasu ke yarwa yana tara su a gwangwanin madara, sai sun ƙare yake karɓar sabo. In jarrabawar fita ta gabato yakan dawo ranar Asabar ya koyar da 'yan ajin ƙarshe, bai taɓa karɓar ko sisi ba. Na ce to ga ta'aziyyarka nan, me ya hana ka rubuta wannan? Ya ce ya ɗauka ƙananan abubuwa ne, ba su kai a faɗa a gaban jama'a ba.

Ba mu ne muka fara gane darajar irin waɗannan ƙananan abubuwa ba. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta yi marsiyyoyi da dama da Larabci da Fulatanci da Hausa. Ta yi wa ɗan'uwanta Sarkin Musulmi Muhammadu Bello da ya rasu a 1837, ta yi wa mijinta Waziri Giɗaɗo, amma ta kuma yi wa matan da ba su da wata sarauta. A marsiyyar wata mata mai suna Zaharatu, abin da ta tsaya a kai shi ne aikin da matar ke yi: koyar da waɗanda ba su sani ba, zuwa wurin mai naƙuda, da amsa kira in an nemi mai shirya gawa. Shekara fiye da ɗari da hamsin ke nan, mai karatu yana iya hango matar, saboda an faɗi abin da hannunta ya yi.

Akwai jimlar da na nemi a cire kai tsaye, wato cewa Malam bai taɓa saɓa wa kowa ba. Duk makarantar ta san mutum ne mai zafi a kan makara, kuma ya sha yin sa-in-sa da abokan aiki a kan haka. In aka karanta waccan jimla gaban ɗaliban da suka sha faɗansa, za su sunkuyar da kai su yi murmushi, daga nan kuma sauran maganar ta zube. Addini ya hana zagin matattu da tona asirinsu, wannan ba ja. Amma tsakanin tonon silili da ƙarya akwai hanya mai faɗi. Muka rubuta: "Malam ba ya ɗaukar wasa a kan lokaci. Da yawanmu mun sha faɗansa, kuma ba mu taɓa riga shi shiga aji ba." Jimlar gaskiya ce, kuma ba ta rage masa komai ba. Aibin da ba zai faɗu ta irin wannan hanya ba, a bar shi, shiru a kansa ba ƙarya ba ce.

Daga nan na sa shi ya ƙirga sau nawa ya ambaci kansa. Shafi na biyu kusan duk labarinsa ne: yadda ya ji da aka bugo masa waya, yadda ya kasa cin abinci, yadda shi ne na ƙarshe da Malam ya yi wa magana a ofis. Baƙin cikin gaskiya ne, kuma ba a hana kowa hawaye ba, Annabi kansa ya zubar da su ranar da ɗansa Ibrahim ya rasu. Sai dai takardar za ta je hannun matar da ke cikin takaba ta wata huɗu da kwana goma, da 'ya'yan da suka rasa uba. Ba ya kyautuwa abokin aiki ya fi su kuka a rubuce. Muka bar masa jimla ɗaya tak: cewa Malam ne ya koya masa tsara darasi a makonsa na farko a bakin aiki. Ita ma don tana nuna halin Malam ne aka bar ta.

Wurin da muka fi daɗewa shi ne batun jinya. Ya rubuta sunan ciwon, da yadda Malam ya rame, da wasu kalmomi masu zafi a kan asibitin da aka kwantar da shi, yana cewa sakacinsu ne. Na tambaye shi ko iyalan sun bayyana wa jama'a ciwon. Ya ce a'a, shi ma a bakin ɗan marigayin ya ji. To wannan amana ce. Hausawa suna da lafazin da ya ishe su tun da daɗewa: bayan gajeruwar rashin lafiya, ko bayan doguwar jinya. Ƙarin bayani haƙƙin iyali ne, in sun so su faɗa. Ƙorafi a kan asibiti kuwa, in akwai hujja, yana da ƙofarsa daban, kuma magada ne za su bi ta. In aka cusa shi cikin ta'aziyya sai jama'a su bar yi wa mamaci addu'a su koma gardama a kan likitoci.

Haka ma sirrin alheri. Yaron ya gano cewa Malam yana biya wa wasu marayu biyu kuɗin jarrabawa a ɓoye, ya kuwa rubuta sunayensu da ajinsu. Niyyarsa kyakkyawa ce, amma yaran suna cikin waɗanda za a karanta wa takardar, kuma wanda ya yi alherin ya ɓoye shi ne da gangan. Muka mayar da ita haka: "Bayan rasuwarsa ne muka gano akwai ɗaliban da yake ɗauke wa nauyi ba tare da sanin kowa ba." An ba da shaidar, ba a kunyata kowa ba.

Wani kuskuren da ya yawaita a 'yan shekarun nan shi ne yanke hukunci a madadin addu'a. Ɗan yayata ya rufe da cewa Malam yanzu yana Aljanna yana hutawa. Iyayenmu ba haka suke faɗa ba. Cewa suke Allah ya jiƙansa, Allah ya gafarta masa, Allah ya sa Aljanna ce makomarsa, Allah ya ba iyalansa haƙuri, in tamu ta zo ya sa mu cika da imani. Dukansu roƙo ne, domin sanin makoma na Allah ne. Addu'a uku ko huɗu sun wadatar, ba sai an jero goma sha biyu ba. A kuma lura da kalmar da ake zaɓa: ya rasu, Allah ya yi masa rasuwa, ya riga mu gidan gaskiya. "Ya mutu" tana da kaushi a kunnen mai makoki.

Saura abin da kowa ke rainawa, wato tantance rana da lissafi. Ya rubuta cewa Malam ya rasu ranar Juma'a. Da muka bincika, bayan isha'in Alhamis ne, wanda a lissafinmu daren Juma'a ne, aka kuma yi jana'iza da safe. To a rubuta hakan yadda yake, kada a ja ranar don neman falala. Yawan 'ya'ya ma sai an tambaya. Gidan da ke da mata biyu ko uku, ko wadda aka rabu da ita tana da 'ya'ya, in aka tsallake ɗaki ɗaya a lissafi an kunna wutar da za ta kai har ranar rabon gado. In ba a tabbatar ba, a ce ya bar mata da 'ya'ya da jikoki, a tsaya nan.

Da muka gama, shafi uku ya koma shafi ɗaya, abin da za a karanta cikin minti biyu ba gaggawa. Na sa shi ya karanta da ƙarfi sau biyu, duk inda numfashinsa ya yanke muka raba jimlar. Sannan na ce kada kowa ya ji ta sai babban ɗan marigayin ya gani ya amince.

Washegari ya kai masa a zauren da aka yi zaman makoki. Ɗan ya karanta, ya gyara shekarar da mahaifinsa ya fara koyarwa, domin mun rage masa biyu. Ya kuma roƙi a ƙara layi ɗaya a ƙasa: duk wanda ke bin Malam bashi, ko Malam ke binsa, ya zo gida ya same shi. Aka ƙara, aka karanta ta ranar Litinin kafin a shiga aji.