Rabin Cokalin Gishiri Daga Rediyo Zuwa Saƙon Tes

A ce an ba marubuci aikin koya wa iyaye haɗa ruwan gishiri da sukari don yaro mai gudawa. Ya tsara wasan kwaikwayo na minti 5, da sallama da gaishe-gaishe da maƙwabciya mai ba da shawara. Sai masu aikin suka ce suna son sa a rediyo, da gajeren bidiyo, da saƙon tes.

Kafin ya rage komai, sai ya ware abin da ba a taɓawa: lita 1 ta ruwa mai tsabta, sukari cokalin shayi 6 a shafe, gishiri rabin cokalin shayi. Kalmar "rabin" ce abar tsaro, domin gishiri in ya yi yawa yana cutar da yaro.

Mai sauraron rediyo ba ya iya mayar da magana baya, wataƙila ma hankalinsa na kan tuƙi ko girki. Saboda haka a tallan daƙiƙa 60 ana faɗin awon sau biyu, a tsakiya da ƙarshe, ko da za a sadaukar da maƙwabciya. Ana karanta rubutun da murya, agogo a hannu, don takarda ba ta nuna inda numfashi zai ƙare.

Bidiyo kuwa wani hali gare shi. YouTube ya ƙara tsawon Shorts daga daƙiƙa 60 zuwa minti 3 a Oktoban 2024, amma wannan bai ƙara wa mai kallo haƙuri ba. Yatsansa na kan allo. Gaisuwa ta koma baya, a buɗe da hannun uwa tana shafe cokali, awon kuma a rubuce a kan hoton saboda masu kallo ba sauti.

Tes ne ya fi ba marubucin Hausa wahala. Saƙo ɗaya na ɗaukar haruffa 160, har da tazara. Amma da zarar ɓ ko ɗ ko ƙ ta shiga, waya na sauya tsarin rubutun, iyakar ta faɗo zuwa 70. Saƙon sai ya rabu gida-gida, kuɗin turawa ya ƙaru. Wasu na cire lanƙwasar, abin da kan rikita mai karatu. Gwanin marubuci kan zaɓi kalmomin da ba su da ita tun farko, ya sa "dinga" a gurbin "riƙa": "Yaro na gudawa? A lita 1 ta ruwa mai tsabta, zuba sukari cokalin shayi 6 da gishiri rabin cokalin shayi. A dinga ba shi, a kai shi asibiti." Wannan ya shige cikin saƙo ɗaya.

Kafin a saki kowanne, ana gwada shi a kan wadda ba ta ga asalin rubutun ba, a ce ta maimaita awon. In ta ce cokali guda na gishiri, a koma kan rubutun.