Abin da ke sa jadawali ya karkace a WhatsApp, da yadda ake miƙe shi

Mai sayar da hatsi ta jera kaya da farashi a saƙo, ta yi ta danna tazara har lambobin suka daidaita a idonta. Da saƙon ya isa wayar mai saye, kuɗin wake ya gusa gefe, na gero ya shige ƙarƙashin adadin mudu. Daga nan musu kan lissafi yake farawa.

Matsalar daga salon rubutun waya take. A salon yau da kullum, kowane harafi da faɗinsa: "i" siriri ne, "m" kuwa mai faɗi, tazara ma 'yar ƙarama ce. Shi ya sa "mmmm" ya fi "iiii" tsawo, alhali duk haruffa huɗu ne. Ga shi kuma salon Android daban yake da na iPhone, don haka abin da ya miƙe a wata waya sai ya karkace a wata.

Maganin shi ne salon Monospace, wanda kowane harafi, lamba da tazara ke cin wuri iri ɗaya. A WhatsApp da Telegram ana samunsa idan aka sa alamar ` sau uku a farkon rubutu, sau uku a ƙarshe. A Gboard alamar tana shafi na biyu na alamomi. A iPhone kuwa ana danne alamar ' har ta bayyana.

Daga nan sai ƙirga. Kalma mafi tsawo ita ke yanke faɗin ginshiƙi. "Shinkafa" haruffa 8 ce, a ƙara tazara ɗaya, ginshiƙin farko ya zama 9. "Wake" haruffa 4 ce, sai a cike mata da tazara 5. Lambobi kuwa ta hagu ake cike su, domin ƙarshensu ya daidaita:

````
```
Kaya     Mudu    Kudi
Shinkafa    3   7,500
Wake        2   4,000
Gero       10  12,000
Jimla          23,500
```
````

Kowane layi a nan gurbi 21 ne cif. Gajartar tana da dalili: layin da ya fi faɗin akwatin saƙo karyewa yake, ragowar ta sauko ƙasa, jadawalin ya wargaje, musamman a wayar da aka ƙara wa girman rubutu.

An rubuta "Kudi" ba ƙugiya ne da gangan. Haruffan ɗ, ƙ, ɓ da alamar ₦ ba kowane salon Monospace ke da su ba. In babu, waya takan aro su daga wani salo mai faɗi daban. Hotunan fuskoki da tutoci ma haka suke. Alamar wannan matsala ita ce layi ɗaya tak ya gusa, sauran suna miƙe. Idan kuwa alamomin ` sun fito fili a saƙon, to ɗaya ta ɓace daga ukun. Tura wa kai saƙon tukuna yakan tona duka biyun kafin ya kai ga mai saye.