Launin nama ba shi ne shaidar dahuwar boga ba

Ana yawan cewa da zarar cikin curin niƙaƙƙen nama ya bar ja ya koma ruwan ƙasa, to ya dahu. Wasu kuma sun yarda cewa duk wanda ya dafa shi sosai, sai dai ya haƙura ya ci abu busasshe kamar kilishi. Maganganun biyu duk suna da gyara, kuma kuskuren farko shi ne mai haɗari.

Abin da yake gaskiya shi ne niƙaƙƙen nama ya bambanta da yankan tsoka. Ƙwayoyin cuta na hanjin dabba, irin su E. coli O157:H7, a bayan nama suke sauka lokacin fiɗa, shi ya sa wuta ke saurin gamawa da su a jikin tsire. Injin niƙa kuwa yana kai na bayan har tsakiya, inda zafi ke isa daga ƙarshe. A 1993 bogar da ba ta gama dahuwa ba, ta wani kamfanin gidajen abinci a yammacin Amurka, ta sa wa mutane fiye da 700 cuta, yara huɗu suka rasu. Ƙwayar E. coli ɗin nan na jawo gudawa mai jini, tana kuma iya lalata ƙodar yaro. Saboda haka Ma'aikatar Noma ta Amurka ta tsayar da digiri 71 na Salshiyos a tsakiyar curin naman sa ko na rago, na kaza kuma digiri 74. Yaji da lemon tsami ba sa maye gurbin wannan zafi, haka ma daskarewa a firiza ba ta kashe ƙwayar.

To me ya sa ba za a dogara da ido ba? Jan nama daga wani sinadari yake mai suna mayogulobin, wanda launinsa ke sauyawa da iska da daɗewar ajiya, ba da wuta kaɗai ba. Naman da ya sha iska ko ya kwana a firiji yakan yi ruwan ƙasa tun bai kai digiri 60 ba, kuma binciken ma'aikatar ya nuna kusan curi ɗaya cikin huɗu na sauya launi kafin ya kai zafin da ake so. Akasin haka ma na faruwa: wani naman ya wuce 71 amma da sauran ja a cikinsa, sai mai girki ya yi ta ƙona shi a banza. Ma'aunin zafi na abinci ne ke raba gardama. A ɗago curin, a soka tsinken ma'aunin ta gefe har bakinsa ya kai tsakiya, domin idan aka soka ta sama yakan zarce ya auna zafin kasko. Za a ce ai gidaje da yawa ba su da shi, kuma haka ne. Wanda ba shi da shi ya rage kaurin curin zuwa santimita ɗaya, ya tsaga mafi kauri ya ga tururi na tashi, babu ja, ruwan da ke fita garau. Wannan dabara ce ta rage haɗari, amma ba ta kai awo ba, musamman in yara ko tsofaffi ko mai juna biyu za su ci.

Batun bushewa kuwa, akwai ƙanshin gaskiya a ciki, don tsoka na tsukewa ta fitar da ruwa yayin da zafi ke hawa. Sai dai laifin ba na digiri 71 ba ne. Yawanci tun wurin mahauci ake yin kuskuren, a ce a cire kitse kaf. A ɗauki giram 400 na tsoka da giram 100 na kitse, wato kashi ɗaya cikin biyar, a raba curi huɗu masu giram 125 da kaurin santimita biyu. A haɗa da sanyinsa, a dunƙula sama-sama ba tare da murzawa ba, sannan a lotsa tsakiya da babban yatsa don kada ya kumbura. Gishiri a barbaɗa a waje dab da ɗorawa, domin idan aka cuɗa shi ciki da wuri yana sa naman ya yi danƙo ya kame. A kasko mai zafi, minti huɗu zuwa biyar kowane gefe kan isa, amma a fara awo tun bayan juyawa, a sauke da ya kai 71.

Danna curin da cokali don ya yi saurin dahuwa ma kuskure ne. Ƙarar da ake ji romon ne da kitsen ke ƙonewa a kasko. Idan kuma naman ba shi da kitse, kamar na akuya ko kaza, sai a jiƙa yankin burodi ɗaya a madara cokali uku, a cakuɗa da rabin kilon naman tare da gogaggiyar albasa. Burodin na riƙe ruwan da tsokar ta saki, ko da zafin ya kai 74 ɗin da kaza ke bukata.