Bayan shekaru a cirani: me ya sa daren farko yake gagarar wasu magidanta a Zangon Kumasi?

A Aboabo da Asawase da Sabon Zango, gidaje da yawa suna da magidancin da ya tafi nema Libiya ko Italiya ko ƙasashen Larabawa. Ranar dawowarsa ana dafe-dafe da taryar baƙi. Abin da ba a faɗa shi ne, wani lokaci idan dare ya yi jikin maigida yakan ƙi amsawa, ko ya yi saurin kawowa, ko kuma uwargida ta nuna ba ta shirya ba.

A ɗauki misalin mutum mai shekara 42 da ya yi shekara biyar yana aikin gini a Tarabulus. Ya iso da gajiyar hanya, ga 'yan'uwa kowa da buƙatarsa. Ɗakin guda ne a gidan haya, yara suna kwance bayan labule. Ya daɗe yana ƙiyasta wannan dare, yana ganin dole ya nuna shi namiji ne. A nan matsalar take farawa.

Miƙewar gaba tana buƙatar natsuwa, domin sai jijiyoyin jini sun saki kafin jini ya cika wurin. Fargaba kuwa tana sa jiki ya fitar da sinadarin adirenalin, wanda yake tsuke waɗannan jijiyoyi. Idan abin ya gagara sau ɗaya, washegari mutumin zai kwanta yana sa wa kansa ido, tsoro ya ƙaru, a sake maimaitawa. Saurin kawowa ma ba abin mamaki ba ne bayan doguwar ƙaura wa iyali, kuma yakan lafa idan an koma sabo.

Ita kuma uwargida shekara biyar ta yi tana riƙe da gida ita kaɗai, daga kuɗin makaranta har na asibiti. Mata da yawa sha'awarsu ba ta zuwa kafin a fara. Sai an yi hira da wasa, zuciya ta kwanta, sannan take tasowa. Idan ta ja baya, miji ya yi zargin ta daina sonsa. Idan shi ya gaza, ita ta yi zargin ya bar wata a can. Sau da yawa duka zargin biyu ba su da tushe.

Ta yaya za a bambanta fargaba da ciwo? Idan gaba tana miƙewa da asuba ko cikin barci, kuma matsalar ta zo farat ɗaya bayan dawowa, galibi daga tunani ne. Idan kuwa raunin ya shigo sannu a hankali, miƙewar asuba ta ɗauke, ko abin ya wuce wata uku, a je a auna suga da hawan jini, domin su biyun suna lalata jijiyoyin. Asibitin unguwa yana yin wannan awo, kuma yana iya tura mutum Asibitin Koyarwa na Komfo Anokye. Yana da kyau ma'auratan su yi gwajin cutar ƙanjamau da ciwon hanta tare, don a kawar da shakka.

Inda mutane suka fi cutuwa shi ne wajen masu tallar maganin ƙarfin maza. An sha gano wasu da ake cewa na gargajiya ne an cakuɗa su da sildenafil, sinadarin da ke cikin Viagra, ba tare da an rubuta ba. Ga mai shan maganin ciwon zuciya irin na nitiret, wannan haɗi yana iya faɗar da jini har ya kai ga halaka. Tiramol, da wasu ke sha don jinkirta kawowa, yana kama mutum, kuma a ƙarshe yana rage sha'awar. Miƙewar da ta wuce awa huɗu kuwa ta asibiti ce nan take. Haka ma kayan matan da ake cusawa suna iya jawo ƙaiƙayi da rauni.

Hanyar da Masters da Johnson suka bayyana a 1970 har yau likitoci suna aiki da ita. Ma'aurata su yarda cewa na mako ɗaya ko biyu ba za a sadu ba, sai hira da runguma da shafa kawai. Da zarar an cire jarrabawar, jiki yakan dawo da kansa. A kai yara wajen kaka na kwana biyu, a kuma yi maganar da rana, ba a kan shimfiɗa ba.

Addini ma ya san da wannan. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa Annabi (SAW) ya hana wanda ya daɗe a tafiya ya faɗo wa iyalinsa da dare, don matar ta sami damar shiri. Bayan shekara biyar, shirin ya wuce kitso da lalle: mutum biyu ne suke buƙatar su sake sanin juna.